Darasi na 12: Hoton Ƙirji a Daren Farko

Manufar darasi

Idan kun gama wannan darasi, za ku iya faɗin abin da baƙi da fari suke nufi a hoton ƙirji, da tsarin da likita yake bi wajen karanta shi, da dalilin da ya sa karayar haƙarƙari ba abin da za a ɗaure a gida a jira ba ne.

Gabatarwa

Da yawanmu an taɓa tura mu ɗakin hoto a asibiti. Mun tsaya, mun manna ƙirji a jikin allo, an ce mu ja numfashi mu riƙe. Daga baya likita ya ɗaga hoton sama ya duba, mu kuwa ba mu ga komai ba sai toka-toka. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken da ake ɗaukar irin wannan hoto da shi, a shekarar 1895. Hasken yana ratsa jiki ya faɗa kan fim. Inda ya wuce cikin sauƙi, kamar iska, wurin yakan fito baƙi. Inda abu ya tare shi, kamar ƙashi, wurin yakan fito fari. Nama da jini da ruwa suna tsakani, suna fitowa toka-toka. Ƙarfe kuwa ya fi kowa fari. Ku riƙe wannan, domin duk labarin da ke tafe a kansa ya ginu. Labarin ƙagagge ne, amma aikin da aka yi a cikinsa haka ake yin sa.

Labari

Safiya tana shekararta ta ƙarshe a karatun likita a Zariya. Da aka ba da hutu, sai ta dawo gida Birnin Gwari, ta roƙi likitan wani asibiti a garin ya bar ta ta riƙa bin sa tana koyon aiki. Bayan mako biyu ya ce mata, "Yau za ki kwana da mu."

Lokacin kaka ne, ana ta kwaso masara daga gonaki. Bayan sallar Isha'i aka kawo wata mata da naƙuda ta gagara, likita ya shiga tiyata da ita. Kafin ya shiga ya ce, "Duk wanda ya zo, ki duba shi ki rubuta abin da kika gani. Kada ki sallami kowa sai na fito."

Ba a yi rabin awa ba sai ga wani saurayi ya shigo riƙe da yayansa, magidanci mai kimanin shekara 40. Yayan ne ya ɗauro buhun masara biyu a babur, yana sauri ya fita daga hanyar daji kafin duhu ya rufe, sai tayar gaba ta faɗa rami. Ya faɗi ta gefen dama, buhu ɗaya ya danne shi.

"Sannu Baba. Ina ne yake maka ciwo?"

Ya dafa gefen ƙirjinsa na dama. "Nan, Likita. In na ja numfashi, kamar ana soka mini wuƙa."

Safiya ta ƙirga numfashinsa, sau 28 a minti ɗaya, alhali na babba mai lafiya yakan tsaya tsakanin 12 da 20. Bugun zuciya 104. Awon jini daidai yake. Ta maƙala masa ɗan abin awon iska a yatsa, ya nuna 92, na mai lafiya kuwa daga 95 ne zuwa sama. Sista ta yi masa allurar rage ciwo. Tunda yana iya tsayuwa da ƙafarsa, aka tura shi ɗakin hoto.

Da Baba mai hoto ya kawo fim ɗin, ya miƙa mata ya koma, domin akwai wani yaro mai karayar hannu yana jiransa. Safiya ta liƙa fim a jikin akwatin haske. A Zariya, duk hoton da ta taɓa dubawa akwai malami a bayanta da ɗalibai goma a gefenta. Yau daga ita sai ƙarar janareta.

Nan take idonta ya faɗa kan abin da yake nema. Haƙarƙari uku na dama, na biyar da na shida da na bakwai, kowanne ya tsage, bakin ƙashin ya goce kaɗan. Ta ji wani daɗi ya kama ta. Ta ɗauki biro ta rubuta: karayar haƙarƙari uku.

Ƙanen ya leƙo. "Likita, karaya ce ko? To, alhamdu lillahi. Akwai mai ɗori a unguwarmu, hannunsa da kyau. Gobe da sassafe sai ya ɗaure masa."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta hango mutumin a kan benci. Allura ta kama shi, ya daina nishi, amma kafaɗunsa ba su daina hawa da sauka da sauri ba. In ciwo ne kaɗai yake hana shi numfashi, me ya sa ciwon ya lafa numfashin bai lafa ba? Ta dubi abin da ta rubuta. Ta fara hoton ne daga tsakiya, ta kuma tsaya a inda ta ga abu na farko.

"Ɗan dakata mini tukuna," ta ce da ƙanen. Ta ja kujera ta zauna, ta koma farko kamar ba ta ga komai ba.

Ta fara da kusurwar fim. Suna nasa ne, kwanan wata na yau ne. Harafin R, mai nuna dama, yana wajen hannunta na hagu, kamar yadda ya kamata, domin hoton ƙirji tamkar mutum ne yake fuskantarka: damansa tana hagunka. An rubuta PA, wato a tsaye aka ɗauka, hasken ya shiga ta baya ya fita ta gaba.

Sai ta duba ko hoton ya ɗauku da kyau. Ƙasusuwa biyu da suka taso daga kafaɗu suka nufo gindin wuya, nisansu da tsakiyar ƙashin baya ɗaya ne, ke nan bai karkace ba. Ta ƙirga haƙarƙarin baya da suke sama da shamakin da ya raba ƙirji da ciki, ta samu tara. Duk da ciwon, ya ja numfashi daidai gwargwado. Ana kuma iya hango gaɓoɓin ƙashin baya ta cikin inuwar zuciya, ke nan hasken bai yi kaɗan ba.

Daga nan ta bi hanyar iska. Bututun iska baƙin layi ne da ya sauko daga wuya, yana nan a tsakiya, bai kauce ba. Ta numfasa.

Sai huhu. Malamanta sun koya mata kada ta duba huhu ɗaya ta gama sannan ta koma ɗayan. A raba su kashi uku, sama da tsakiya da ƙasa, a riƙa gwada hagu da dama, hagu da dama. Ta fara da sama. A huhun hagu, cikin baƙin akwai ƙananan zare-zare masu toka-toka, sun taso daga tsakiyar ƙirji sun bazu kamar rassan bishiyar da ta kaɗe ganye da rani, suna sirancewa har kusa da haƙarƙari. Hanyoyin jini ne. Ta koma dama. Rassan suna nan kusa da tsakiya, amma da ta bi su waje, sai suka ƙare tun kafin su kai bango. Bayan su baƙi ne wuluk, sarari babu reshe ko ɗaya.

Ta kashe fitilar ɗakin, ta tare gefen fim da tafin hannunta don hasken akwatin ya daina kashe mata ido. Sai ta gan shi. Wani layi ne siriri kamar gashi, ya lanƙwasa daga saman ƙirji ya gangaro yana bin siffar haƙarƙari, amma nesa da su. Gefen huhu ne. Huhun ya saki bango ya tsuke ciki, iska ta cika wurin da ya bari.

Gabanta ya faɗi, amma ba ta tashi ba tukuna. Ta san abubuwa biyu da suke yaudarar mai koyo a daidai wannan wuri. Na farko gefen allon kafaɗa, wanda shi ma yakan ja layi a saman huhu. Ta bi allon kafaɗar da yatsa, ta ga yana can waje, layinsa daban. Na biyu naɗewar fata, wadda layinta yakan zarce har wajen ƙirji, kuma ana ganin rassan jini a bayansa. Wannan layin bai fita daga ƙirji ba, kuma babu komai a bayansa. Ta ɗauko ma'auni ta auna tsakanin layin da bangon ƙirji, daidai tsakiyar huhu, inda manyan hanyoyin jini suke shiga. Santimita 3. An koya mata cewa abin da ya wuce santimita 2 a wannan wuri babba ne.

Ta ƙarasa sauran da sauri. Faɗin zuciya bai kai rabin faɗin ƙirji ba, daidai ne. Shamakin dama ya ɗan fi na hagu tudu, haka yake ga yawancin mutane. Ƙarƙashin na hagu akwai ɗan baƙin kumfa, iskar tumbi ce, ba matsala ba. Sai ƙasusuwa, da karaya ukun da ta fara gani.

Ta koma wurin mutumin. "Baba, ka yi haƙuri, zan sake duba ka." Ta ɗora abin sauraro a hagu, iska na shiga na fita sarai. A dama kuwa sai can ƙasa-ƙasa, kamar daga nesa. Ta shimfiɗa yatsa a ƙirjinsa ta ƙwanƙwasa da na ɗaya hannun. Dama ta amsa kamar ganga. Ta tuna cewa da farko, saboda yana ihu in an taɓa wurin, ba ta saurari gefen nan yadda ya kamata ba.

"Sista, don Allah a sa masa oksijin, a kishingiɗar da shi a zaune."

Ta ruga ƙofar ɗakin tiyata, ta tsaya daga bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, namiji ne ɗan shekara 40, ya faɗi da babur. Haƙarƙari uku sun karye a dama, iska ta taru a bayan huhun dama, santimita 3. Bututun iska yana tsakiya, awon jini daidai, numfashi 28, iska 92."

Likita bai ɗago kai daga ɗinkin da yake yi ba. "Kin saurari ƙirjin?"

"Na saurara. Dama ta yi shiru."

"Saura mini minti ashirin. Ki haɗa kayan saka bututu. Ki riƙa auna shi duk bayan minti biyar. In jininsa ya faɗi, ko jijiyoyin wuyansa suka kumbura, ko bututun iska ya kauce hagu, ko ya fara fita hayyacinsa, kada ki tsaya neman wani hoto. Ki zo ki kira ni, zan fito."

Minti ashirin ɗin nan sun yi mata tsawo. Ta tsaya a kansa, yatsa ɗaya a wuyan hannunsa, lokaci-lokaci ta taɓa ramin gindin wuyansa ta ji bututun yana nan a tsakiya. Ƙanen ya matso. "Likita, wai ba ɗorin ba ne?"

"Ƙashin zai haɗe da kansa, in Allah ya so. Abin da ke bayan ƙashin ne ba ya jira. Bakin haƙarƙarin ya huda huhu, iska tana fita tana taruwa a inda ba ta da hanya."

Likita ya fito, ya tsaya gaban akwatin haske, ya duba shiru, ya gyaɗa kai. Ya yi wa ƙanen da mai ciwon bayani, suka amince. Ya wanke gefen ƙirjin, ya yi allurar kashe zafi a ƙasan hammata, tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida. Ya nuna wa Safiya cewa ta saman haƙarƙarin ƙasa ake shiga, domin hanyoyin jini suna bin ƙasan kowane haƙarƙari ne. Ya tsaga kaɗan, ya zura bututun roba, aka tsoma ɗaya bakin a cikin kwalba mai ruwa da aka ajiye a ƙasa. Mutumin ya yi tari, ruwan kwalbar ya tashi da kumfa, ɓul-ɓul-ɓul. Bayan kumfar sai jini ya biyo, kimanin kofi ɗaya da ɗan ɗori, sannan ya tsaya.

Safiya ta dubi jinin, ta dubi likita. Ya yafuto ta zuwa akwatin haske, ya ɗora bakin biro a can ƙasan dama, inda shamaki ya haɗu da haƙarƙari. A hagu kusurwar tana da tsini. A dama tsinin ya cike, kuma saman abin da ya cika shi a miƙe yake sambal, kamar ruwa a kwance cikin kwano.

"Me kika gani?"

"Ruwa ne, ranka ya daɗe. Jini. Ban duba kusurwar ba."

"Kin duba shamakin, kika tsaya kafin ki kai ƙarshensa. Layi a miƙe haka, iska a sama ruwa a ƙasa, shi yake gaya miki su biyu ne a ciki." Ya mayar da biro aljihu. "Karayar kowa zai gani, har ƙanensa. Iskar ita ce aikin daren nan, kuma kin gan ta. Rubuta duka ukun."

Kafin asuba numfashin mutumin ya sauko 20, awon iska ya hau 97. Da gari ya waye aka sake hoto. Safiya ta liƙa shi kusa da na daren jiya, ta fara daga kusurwa: suna, kwanan wata, harafin R. A saman dama, rassan sun koma har bango.

Bayani

*Yadda huhu yake tsukewa.* Huhu ba shi da ƙarfin buɗe kansa. Akwai tantani biyu, ɗaya ya lulluɓe huhu, ɗaya ya shimfiɗu a cikin bangon ƙirji, da ɗan danshi a tsakaninsu, sun manne kamar jiƙaƙƙiyar leda a kan faranti. In ƙirji ya buɗe, sai ya ja huhu ya buɗe tare da shi. Da zarar iska ta shiga tsakanin tantanin nan biyu, mannewar ta ɓaci, huhu ya tsuke kamar balan-balan da ya sace. Bututun da aka saka yana fitar da iskar ne, ruwan kwalba kuma yana hana ta komawa. Shi ya sa ba a ɗaga kwalbar sama da ƙirjin mai ciwo.

*Lokacin da ba a jiran hoto.* Wani lokaci hudar takan zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya: iska ta shiga da kowane numfashi, ba ta fita. Sai ta taru ta tura zuciya da bututun iska zuwa ɗaya gefen, jini ya kasa komawa zuciya. Alamomin da likita ya lissafa wa Safiya na wannan ne. Yana iya kisa cikin mintoci, don haka da hannu da kunne ake gane shi, a soka allura a saki iskar nan take.

*Kuskuren Safiya.* Sau biyu ta yi shi, kuma iri ɗaya ne: ta ga abu, sai ta daina nema. Ido yana son fari, domin fari yana da kyan gani. Iskar da ta tsuke huhu kuwa ba ta ƙara komai a hoto, ragewa take yi, sai wanda ya san rassan da ya kamata su kasance a wurin ne zai lura babu su. Maganin wannan shi ne bin tsari ɗaya kullum, daga suna har ƙasusuwa, ko da an riga an ga abin da ake zato.

*Iyakar hoto.* Hoto ba ya nuna komai da komai. Ƙaramar karayar haƙarƙari takan ɓuya. Ruwan da bai kai kimanin mililita 200 ba sau da yawa ba ya cike kusurwar nan a hoton tsaye. In an ɗauki hoton mutum yana kwance, iska takan taru ta gaba ta ɓace wa ido, zuciya kuma ta fito da girman da ba nata ba. Haka nan iskar tana iya taruwa sannu a hankali, hoton farko ya fito lafiya, bayan awanni abu ya bayyana. Saboda haka wanda aka sallama, in numfashinsa ya ƙara wuya, ya koma asibiti ko da tsakar dare ne.

*Naku aikin.* In za a ɗauke ku hoto, ku cire sarƙa da laya da makulli da riga mai maɓallin ƙarfe, mai dogon kitso ta ɗaure shi sama, domin duk suna barin inuwa da za ta iya kama da cuta. Mace mai ciki ta faɗa kafin a ɗauka. Kada a ɗaure ƙirjin mai karayar haƙarƙari tamau. Ɗaurin yana hana huhu buɗewa, majina ta kwanta, ciwon huhu ya biyo baya. Haƙarƙari yakan haɗe da kansa cikin kimanin mako 6, abin da yake buƙata shi ne maganin ciwo mai kyau, da jan dogon numfashi da yin tari a kai a kai, ana dafe wurin da matashi.

Sababbin kalmomi

Fim: baƙar ledar da hoton yake fitowa a kanta.

Akwatin haske: akwati mai fitila a ciki, da ake liƙa fim a jikinsa don dubawa.

Shamaki: faffaɗan naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda yake sauka in an ja numfashi.

Tantani: siririyar fata da ta lulluɓe wani sashe na cikin jiki.

Tambayoyi

1. Wane launi iska take fitowa da shi a hoton ƙirji? Ƙashi fa?
2. Me ya sa Safiya ta koma ta sake duba hoton bayan ta rubuta karaya?
3. Waɗanne abubuwa biyu ne suke iya kama da gefen huhun da ya tsuke, kuma yaya ta bambance su?
4. Ku lissafa alamomi huɗu da likita ya ce in an gan su ba a jiran hoto.
5. Me layin da ya miƙe sambal a ƙasan dama yake nufi?
6. Da an kai mutumin wurin mai ɗori an ɗaure ƙirjinsa a wannan dare, me kuke ganin zai faru? Ku kawo hujja daga darasin.

Aiki

Ku zauna biyu-biyu. Kowa ya ƙirga numfashin abokinsa na minti ɗaya cur, yana kallon ƙirjinsa, ya rubuta adadin. Sai abokin ya zagaya aji sau uku da sauri, a sake ƙirgawa, a rubuta. Ku gwada adadin biyu da na mutumin da ke cikin labarin lokacin da aka kawo shi, da kuma nasa na asuba.